Tambayoyi da amsoshi kan yadda ƙwayoyin dendiritik ke kai antijin ga ƙwayoyin T a cikin kaluluwa

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da ɗaliban aikin jinya da na ɗakin gwaje-gwaje a Birnin Kebbi da kewaye suka fi yawan yi idan aka zo darasin garkuwar jiki. Yawanci wuri ɗaya suke tsayawa: sun gane cewa ƙwayar cuta tana shiga ta fata ko ta huhu, sun gane cewa ƙwayoyin T ne ke jagorantar martani mai ɗorewa, amma abin da ke haɗa waɗannan biyun ya shige musu duhu. An jera amsoshin daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, kuma kowace tana iya tsayawa da ƙafarta.

Mece ce ƙwayar dendiritik, kuma a ina take zama?

Ƙwayar halitta ce daga cikin fararen ƙwayoyin jini, asalinta daga ɓargo, wadda jikinta ke da rassa masu miƙewa da janyewa a tsakanin sauran ƙwayoyin nama. Mazauninta shi ne duk inda jiki ya haɗu da duniyar waje, wato fata, da shimfiɗar hanci da huhu, da hanji, da al'aura, sannan akwai wasu da ke zaune dindindin a cikin kaluluwa da saifa. Tun a 1868 Paul Langerhans ya ga wani nau'i nata a saman fata, amma saboda rassanta ya ɗauka ƙwayar jijiya ce. Sai a 1973 Ralph Steinman da Zanvil Cohn na Jami'ar Rockefeller da ke New York suka bayyana ta a saifar ɓera a matsayin ƙwaya mai zaman kanta, kuma a kan wannan aiki aka ba Steinman lambar yabo ta Nobel a 2011, kwana uku bayan rasuwarsa.

Abin da ya bambanta ta da makurofej, wadda ita ma tana haɗiye ƙwayoyin cuta, shi ne manufar haɗiyar. Makurofej tana haɗiya ne don ta kashe ta share a nan inda take. Ƙwayar dendiritik kuwa tana haɗiya ne don ta adana samfuri, ta bar wurin, ta kai shi inda za a karanta shi.

Mene ne antijin, kuma wace ce ƙwayar T sabuwar shiga?

Antijin shi ne duk wani abu da garkuwar jiki za ta iya ganewa takamaimai. A wajen ƙwayoyin T, yawanci furotin ne, kuma ba sa ganinsa yana cikakke. Sai an yayyanka shi gutsu-gutsu, an ɗora kowane gutsure a kan wani furotin na jikin mutum mai suna MHC, an fito da shi saman ƙwaya, sannan ƙwayar T ke iya taɓa shi. Bakteriya za ta iya wucewa ta gefen ƙwayar T da ta dace da ita ba tare da komai ya faru ba, muddin ba a yi wannan aikin yanka da ɗorawa ba.

Ƙwayar T sabuwar shiga ita ce wadda ta gama girma a taimos, wata 'yar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji, ta fito cikin jini, amma ba ta taɓa gamuwa da antijin ɗinta ba. Kowace ɗaya tana ɗauke da makami, wato furotin mai kamawa, irin nata ita kaɗai a samanta, wanda ke gane gutsure ɗaya ko 'yan kaɗan masu kama da shi. Tada irin wannan ƙwaya a karon farko aiki ne mai wuya, kuma ƙwayar dendiritik ce ta fi kowace iya shi nesa ba kusa ba.

Me ya sa haɗuwar take faruwa a cikin kaluluwa, ba a wurin da cuta ta shiga ba?

Amsar tana cikin lissafi. Ga kowane gutsuren antijin, ƙwayoyin T sababbin shiga da suka dace da shi ba su wuce ɗaya cikin 100,000 zuwa ɗaya cikin miliyan ba. Da a ce kowace sai ta bi lungu-lungu na fata da huhu da hanji tana neman abin da ya dace da ita, da cuta ta gama aikinta kafin a haɗu. Don haka jiki ya yi tsarin da kasuwar mako take yi wa ƙauyuka: maimakon mai saye ya bi gida-gida, mai kaya da mai saye duk su nufi wuri ɗaya. Kaluluwa, wadda mutane suka fi sani idan ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya, tana nan a jiki ko babu kumburi, kimanin 500 zuwa 600, kowace tana karɓar ruwan limfi daga wani yanki da aka sani.

Ƙwayoyin T sababbin shiga ba sa ma shiga fata ko tsoka. Daga jini suke ratsawa cikin kaluluwa ta wasu ƙananan jijiyoyin jini masu kaurin bango, su yi yawo a ciki na kimanin rabin yini zuwa yini, idan ba su sami komai ba su fita ta hanyar limfi su koma jini, su sake shiga wata. Binciken da aka yi da madubin da ke leƙa cikin kaluluwar ɓera mai rai ya nuna cewa ƙwayar dendiritik ɗaya tana taɓa ƙwayoyin T daga ɗaruruwa zuwa dubbai a cikin sa'a guda. Da irin wannan zirga-zirga ne abin da ya yi kama da ba zai yiwu ba yake yiwuwa a cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ta yaya ƙwayar dendiritik take kama antijin?

Hanyoyi uku ne, kuma tana amfani da su gaba ɗaya tun kafin wata cuta ta zo. Idan abin mai girma ne, kamar bakteriya ko matacciyar ƙwayar jiki, sai ta lulluɓe shi da jikinta ta haɗiye. Ban da wannan, ba ta daina zuƙar ruwan da ke kewaye da ita, tana lanƙwasa bangonta ta rufe ɗigon ruwa da duk abin da ya narke a ciki, ko da ba ta da makamin gane shi. Hanya ta uku ita ce ta makamai na musamman da ke samanta, waɗanda ke kama irin sukarin da ke jikin bakteriya da naman gwari da wasu bairas, ko kuma su kama ƙwayar cutar da garkuwar jini, wato antibodi, ta riga ta manne mata. Wannan ta ukun ce ke ba ta damar tattara antijin ko da ɗan kaɗan ne a wurin.

Tunda kullum tana haɗiya, ta yaya take bambance cuta da abin da ba shi da illa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Antijin shi kaɗai ba ya ɗauke da shaidar cewa shi mai haɗari ne. Furotin ɗin gero da ke wucewa ta hanji baƙo ne ga jiki kamar yadda furotin ɗin taifot yake baƙo. Abin da ke bambanta su shi ne wasu alamomi da ƙwayoyin cuta ba za su iya rabuwa da su ba, kuma ƙwayar dendiritik tana da makaman jin su. TLR4 yana jin wani sinadari na bangon wasu bakteriya, TLR5 yana jin furotin ɗin wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, TLR3 kuma yana jin irin RNA mai tufka biyu da bairas ke samarwa. Haka kuma abubuwan da ke zubowa daga ƙwayoyin jiki da suka fashe sakamakon rauni suna tada ta.

Da zarar ta ji waɗannan alamomi sai ta sauya hali gaba ɗaya, abin da ake kira nuna, kamar nunar 'ya'yan itace. Takan ƙara haɗiya na ɗan lokaci, sannan ta rage ƙwarai, domin abin da za ta kai kaluluwa ya zama samfurin wurin da aka yi ɓarna a lokacin da aka yi ta. Tana fito da MHC masu ɗauke da gutsure da yawa zuwa samanta, su daɗe a can. Tana ƙara wasu furotin na samanta masu suna CD80 da CD86, waɗanda amfaninsu ya zo a amsar da ta yi magana kan sigina uku. Sannan tana fito da CCR7, makamin da ke sa ta bin wani sinadari mai suna CCL21 da bangon hanyoyin limfi ke fitarwa. Wato ƙwayar da ta nuna tana tafiya da abu biyu ne, samfurin antijin da kuma shaidar cewa an same shi a wurin haɗari.

Za a iya bin tafiyar daga farko zuwa ƙarshe da misali ɗaya?

A ɗauki manomin shinkafa a fadamar Argungu wanda ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa da safe yana cikin ruwa, ta shigar da bakteriya ƙarƙashin fata. A cikin mintuna, ƙananan furotin da suka narke daga wurin sun bi ruwan limfi sun haura ƙafa, sun isa kaluluwar matsematsi, ko ta bayan gwiwa idan raunin yana wajen diddige. Waɗanda nauyinsu bai kai kimanin kilodalton 70 ba suna bin wasu siraran magudanai har cikin yankin ƙwayoyin T, inda ƙwayoyin dendiritik mazauna kaluluwa ke tsintar su. Wannan shi ne labari na farko, amma antijin ɗin kaɗan ne, kuma sau da yawa bai isa ya kai aikin ƙarshe ba.

A wurin raunin kuwa, ƙwayoyin dendiritik na cikin fata sun haɗiye bakteriya, sun ji alamomin haɗari, sun fara nuna. Suna rarrafawa su kutsa cikin ƙananan hanyoyin limfi, ruwa ya kwashe su zuwa kaluluwa, su sauka a sararin da ke ƙarƙashin bawonta, su nutsa zuwa yankin tsakiya inda ƙwayoyin T suke, suna bin sinadaran CCL19 da CCL21. Da yake ƙwayoyin T sababbin shiga su ma suna da CCR7, kira ɗaya ne ke tara su wuri ɗaya. Na cikin fata sukan iso a cikin kimanin yini guda, na saman fata da Langerhans ya gani kuwa sukan ɗauki kwana uku zuwa huɗu.

Daga rana ta biyu ƙwayoyin T da suka dace sun fara rabuwa. A wannan lokacin ne manomin zai ji wani ƙullutu mai zafi a matsematsinsa, har ya riƙa ɗingishi, alhali ciwon yana can ƙasa. Zuwa kwana huɗu zuwa bakwai, dubban 'ya'yan waɗannan ƙwayoyi sun fita daga kaluluwa, sun shiga jini, sun nufi ƙafar, wasu kuma sun tsaya suna taimaka wa ƙwayoyin B su ƙera garkuwar jini. Kwanakin farko duka, nutirofil da makurofej ne ke riƙe da wurin, kuma idan bakteriyar ta fi ƙarfinsu kafin wannan taimako ya iso, shi ne ake ganin ƙafa ta kumbura, jan layi yana haurawa sama, zazzaɓi ya rufe mutum. Wanda ya kai wannan mataki asibiti yake buƙata a ranar, tare da duba rigakafinsa na tetanus.

Yaya ake yanka antijin a ɗora shi kan MHC, kuma me ya sa MHC iri biyu ne?

Iri biyu ne saboda wuraren da cuta ke ɓuya biyu ne. Abin da aka haɗiyo daga waje yana shiga wata jaka a cikin ƙwaya, tsami ya ƙaru a cikinta, sinadaran narkarwa su yanka furotin. MHC-II da aka ƙera sabo yana zuwa wannan jaka bakinsa a toshe da wani furotin, don kada ya kama gutsuren jikin ƙwayar a hanya. A can ake cinye matoshin sai ɗan guntu, sannan wani mataimaki mai suna HLA-DM ya cire guntun ya bar gutsuren antijin ya zauna, mai tsawon amino asid 13 zuwa 25. Wannan ƙwayoyin T masu CD4 ke karantawa, su ne mataimaka. Ƙwayar dendiritik ba ta narkar da abin da ta haɗiya da gaggawa kamar makurofej, kuma wannan sassauci ne ke sa gutsuren ya tsira har a kai shi kaluluwa.

MHC-I kuwa yana nuna abin da ake ƙerawa a cikin ƙwayar kanta. Furotiyasom yana niƙa furotin na cikin gida, har da na bairas idan ya kama ƙwayar, wata ƙofa mai suna TAP ta shigar da gutsuren inda ake haɗa MHC-I, a ɗora mai tsawon amino asid 8 zuwa 10. Ƙwayoyin T masu CD8 ke karanta wannan, waɗanda idan sun tashi suke kashe duk ƙwayar da ke nuna wannan gutsure.

To idan bairas bai kama ƙwayar dendiritik ba, wa zai tada masu CD8?

Bisa ƙa'idar da aka bayyana a amsar da ta gabata, abin da aka haɗiyo daga waje MHC-II yake zuwa. Da a nan maganar ta tsaya, da bairas da ke kama hanta kawai, ko ciwon daji da ya tsiro a mama, ba zai tada masu CD8 yadda ya kamata ba, tunda ƙwayar hanta ba ta iya tada sabuwar shiga sosai. Mafita ita ce wani rukuni na ƙwayoyin dendiritik, wanda ake rubuta sunansa cDC1, ya ƙware wajen haɗiye matattun ƙwayoyin da suka kamu, ya karkatar da furotin ɗinsu zuwa hanyar MHC-I. Ana kiran wannan gabatarwar tsallake, kuma a kanta yawancin garkuwar da jiki ke yi wa ciwon daji ta dogara.

Mene ne ainihin abin da ke faruwa idan suka haɗu, kuma mene ne sigina uku?

Haɗuwar ba ta ƙarewa da taɓawa ɗaya. A sa'o'i takwas na farko ko kusa da haka, ƙwayar T tana taɓa ƙwayoyin dendiritik daban-daban na 'yan mintuna tana wucewa. Bayan haka sai ta tsaya ta manne da ɗaya na sa'o'i, furotin masu mannewa su yi zobe a wurin haɗuwar, makaman ganewa su taru a tsakiya. Kafin nan ta fito da CD69, wanda ke toshe mata jin sinadarin S1P da ke kiran ƙwayoyin T su fita daga kaluluwa, don haka ba za ta bar wurin ba sai aiki ya kammala.

Sigina ta farko ita ce makamin ƙwayar T ya dace da gutsure da MHC ɗin da ke ɗauke da shi, kuma ita ke tabbatar da cewa wannan ce ƙwayar da ake nema. Ta biyu ita ce CD28 na ƙwayar T ya kama CD80 ko CD86, wanda ke tabbatar da cewa daga wurin haɗari aka zo da antijin. Idan biyun suka haɗu, ƙwayar T tana fitar da sinadarin IL-2 tare da makamin karɓarsa, ta shiga rabuwa kowane sa'o'i shida zuwa takwas. Wanda ya ninka biyu sau goma zai ga ƙwaya ɗaya ta haura 1,000 a cikin kimanin kwana uku. Sigina ta uku ita ce saitokin, wato sinadaran saƙo, da ƙwayar dendiritik ke fitarwa gwargwadon irin alamar da ta ji tun a fata, kuma ita ke zaɓa wa ƙwayar T irin aikin da za ta yi. IL-12, alal misali, yana mai da mai CD4 ta zama Th1, mai ƙarfafa makurofej su kashe ƙwayoyin da suka ɓuya a cikinsu, irin na tarin fuka.

Me ke faruwa idan aka sami sigina ta farko babu ta biyu?

Ko babu cuta, wasu ƙwayoyin dendiritik suna zuwa kaluluwa a hankali ɗauke da gutsuren naman jiki da na abinci, ba tare da sun nuna sosai ba, don haka CD80 da CD86 ɗinsu kaɗan ne. Ƙwayar T da ta gane irin wannan gutsure ba ta tashi. Ko dai ta mutu, ko ta zauna a sandare ta daina amsawa, ko ta koma mai kwantar da sauran. Bai kamata ɗalibi ya ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, domin aiki ne na biyu mai nauyi daidai da na farko, kuma shi ke kare mutum daga 'yan ƙwayoyin T masu gane jikinsa da suka kuɓuce wa tacewar taimos. Ko a lokacin cuta ma akwai birki, domin ƙwayar T da ta tashi tana fito da CTLA-4, wanda ya fi CD28 ƙarfin kama CD80 da CD86, ya rage wutar martanin.

Mece ce alaƙar wannan da allurar rigakafi?

Furotin tsarkakakke da aka yi wa mutum allurarsa shi kaɗai ba ya tada ƙwayar dendiritik sosai, saboda dalilin da aka bayyana a amsar bambance cuta da abin da ba shi da illa. Shi ya sa ake haɗa rigakafi irin na tetanus da na ciwon hanta nau'in B da gishirin alminiyom, wanda ke tada ɗan kumburi a wurin allurar ya jawo ƙwayoyin garkuwa. Zafi da ɗan ja na kwana ɗaya ko biyu a wurin alama ce ta wannan aiki. BCG da ake yi wa jarirai a cikin fatar dantsen hagu ba ya buƙatar irin wannan ƙari, domin bakteriya ce mai rai da aka raunana, tana ɗauke da alamominta. Kaluluwar hammatar hagu ce ke karɓar ruwan wannan wuri, don haka wasu jarirai sukan sami ɗan kumburi a can bayan makonni. Yawanci yana lafawa da kansa. Ma'aikaciyar jinya ta gaya wa uwa kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko tsaga, kuma idan ya yi girma, ya yi laushi kamar da mugunya a ciki, a dawo da yaron asibiti.

Akwai cututtukan da ke cin amanar wannan tsari?

Akwai. Bairas ɗin ƙyanda yana kama ƙwayoyin dendiritik da makurofej na hanyar numfashi, su kai shi kaluluwa da kansu, ya bazu cikin ƙwayoyin T da B har da masu riƙe da tarihin cututtukan baya, kuma wannan na daga cikin dalilan da yaron da ya tashi daga ƙyanda yake saurin kamuwa da gudawa da ciwon huhu. Bairas ɗin ƙanjamau yana iya maƙalewa a jikin ƙwayar dendiritik ta al'aura, ta miƙa shi ga masu CD4 a daidai lokacin da suka manne da ita. Ƙwayar tarin fuka kuwa jinkiri take haddasawa, tana daɗewa a huhu kafin a kai ta kaluluwar ƙirji, kuma shi ya sa gwajin fata na tarin fuka ba ya nuna komai sai bayan makonni da kamuwa.

Yaya za a bambance kumburin kaluluwa na aiki da wanda ke nuna matsala?

Kumburin da aka bi a misalin manomin Argungu yana zuwa ne daga ƙaruwar jini, da taruwar ƙwayoyin T da aka hana fita, da rabuwar waɗanda suka dace. Yana tasowa cikin kwanaki, yana da zafi idan an taɓa, yana motsi a ƙarƙashin yatsa, kuma idan aka bi yankin da kaluluwar ke karɓar ruwansa za a sami dalili, ko miki a ƙafa, ko ƙurji a kai, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon maƙogwaro. Don haka ɗalibi ya saba da duba ƙafa da tsakanin yatsu da al'aura duk lokacin da aka kawo masa kaluluwar matsematsi. Irin wannan kumburi yakan sauka cikin mako biyu zuwa huɗu bayan an magance tushensa.

Wanda ke buƙatar bincike shi ne wanda ya wuce wannan lokaci ko yake ci gaba da girma, ko mai tauri marar zafi da ya manne da naman da ke ƙarƙashinsa, ko wanda ya fito a saman ƙashin wuya, ko a wurare da dama lokaci guda. Kaluluwar wuya da suka cure wuri ɗaya babu zafi, tare da rama da gumin dare da zazzaɓin yamma, suna sa a fara tunanin tarin fuka na kaluluwa, sannan a yi gwajin ƙanjamau, kuma idan ba a gano dalili ba a ɗebi samfuri da allura ko a cire guda a kai ɗakin gwaji don a kawar da zargin ciwon daji.